Ƙarin girma cikin shekara uku: kurakuran da ke ɓoye a fayil

Wani ƙanena yana aiki a sakatariyar wata ƙaramar hukuma a Jigawa, mataki na 08. Ƙarfe takwas tana yi masa a ofis, ko ranar kasuwa ba ya sulalewa. Da aka fitar da sunayen masu ƙarin girma, babu nasa. Ya ce ai don ba shi da uwa a gindin murhu ne. Na ce, "Ɗauko mana fayil ɗinka mu gani."

Kuskurensa na farko lissafi ne. A ƙa'idar aikin gwamnati, daga mataki na 07 zuwa 14 sai ka shekara uku a kan mataki kafin a duba ka. Mataki na 06 zuwa ƙasa kuwa shekara biyu ne. Lissafin yana farawa daga ranar da ƙarin girmanka na baya ya fara aiki, wadda ke rubuce cikin takardar, ba ranar da takardar ta zo hannunka ba. Cikar shekarun ma cancanta kawai take ba ka, dole sai akwai gurbi.

Amma abin da ya kayar da shi fom ɗin APER ne, wanda shugaban sashe ke auna aikinka da shi duk shekara. Masu tantancewa a Dutse ba su taɓa ganin sammakonsa ba, takarda ce a gabansu. Na shekara uku ake nema, biyu muka tarar. Na tsakiyar ya cike rabinsa ya jefa a durowa, maigidan da zai sa hannu kuma tuni an yi masa canjin wurin aiki. Gyaran ba wuya: duk ƙarshen shekara ka cike, ka bi sawu har a sa hannu, ka tabbata ya shiga fayil. Ka kuma tanadi ƙaramin littafi kana rubuta abin da ka gama da kwanan wata. "Na yi aiki tuƙuru" ba ta cika gurbi. "Na haɗa rahoton harajin kasuwanni huɗu na wata shida" ita ke kawo maki.

Sai karatu. Ya shiga difiloma ta ƙarshen mako, ya sayar da buhunan riɗi ya biya, amma bai nemi izini a rubuce ba. Shaidar da aka samo babu amincewar hukuma tana iya zama ado a bango. A nemi izini tukuna, a kuma tambayi ofishin ma'aikata ko kwas ɗin yana cikin tsarin layin aikinka.

Yanzu yana da jakar leda a ɗakinsa: kwafin takardar ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girman baya. Fom ɗin nan kuwa, sai da ya hau babur har garin da aka mayar da tsohon maigidansa, ya jira shi bayan la'asar, kafin ya samu sa hannun.