Matakan Shirya Farantin ELISA da Karanta Sakamakonsa

Ɗaliban ɗakunan gwaje-gwaje a nan Kumasi sun yawaita tambayata yadda ake tsara faranti mai rijiyoyi 96 na ELISA, gwajin da ke amfani da antibodi don auna yawan wani sinadari a samfuri, shi ya sa na rubuta matakan.

1. A zana taswirar farantin a takarda kafin a taɓa fifet.
2. A keɓe wa ma'aunin da aka san ƙarfinsa rijiyoyin A1 zuwa G2, kowane ƙarfi a rijiya biyu, daga 1000 pg/mL ana raba shi biyu har 15.6.
3. A ware H1 da H2 don ruwan tsarmawa zalla, wato bulank.
4. A tanadi wurin kwantirol mai sinadarin da ake nema da wanda ba shi da shi.
5. Bayan antibodi ya kama farantin an wanke, a toshe sauran gurabe da 1% na furotin BSA na awa ɗaya.

Hattara: idan toshewar ba ta yi ba, har bulank zai yi launi.

6. Bayan an zuba ma'auni da samfura an kammala sauran matakan gwajin, har zuwa TMB mai kawo launi da asid mai tsayar da shi, a karanta a 450 nm.
7. A cire matsakaicin bulank daga kowane karatu.
8. A zana lanƙwasar ma'aunin da tsarin lissafi na 4PL, domin ba miƙaƙƙen layi ba ce.
9. A ninka sakamakon da adadin tsarmawa: samfurin da aka tsarma sau 10 ya nuna 120, ainihinsa 1200 pg/mL ne.

Samfurin da ya zarce ma'auni mafi ƙarfi kuwa, a ƙara tsarma shi a maimaita, kada a yi kintace.