Darasi: Raba buhunan albasa a kan hanyoyi da kuɗin mota mafi ƙanƙanta

Wata ƙungiyar manoman albasa a jihar Tawa tana da wuraren ajiya biyu. A Badagishiri akwai buhu 100, a Tamaske akwai buhu 80. Masu saye biyu suna jira: na birnin Tawa yana son buhu 100, na Ƙonni yana son buhu 60. Dole ke nan buhu 160 su isa inda ake son su, kuma ma'ajin ƙungiya yana son ya biya kuɗin mota mafi ƙanƙanta. Ga farashin kai buhu ɗaya, wanda muka sa domin darasi kawai:

Badagishiri zuwa Tawa: sefa 300
Tamaske zuwa Tawa: sefa 400
Badagishiri zuwa Ƙonni: sefa 500
Tamaske zuwa Ƙonni: sefa 1000

Akwai sharaɗi guda. Motar da ke zuwa Ƙonni daga Badagishiri tana da wurin buhu 40 kawai. Sauran hanyoyin suna ɗaukar duk abin da aka ba su. Wanda ya saba da ƙidayar dala sai ya raba kowane farashi da biyar, sefa 300 dala 60 ke nan, lissafin ba zai sake ba.

Ku ɗauki takarda ku zana da'ira huɗu, kowace da sunan gari. Ku ja kibiya daga wurin ajiya zuwa wurin mai saye, ku rubuta farashi a kanta. Duk aikin nan a takarda ake yin sa, tun ba a loda ko buhu ɗaya ba.

Mataki na farko shi ne wanda kowa zai yi: a fara da hanya mafi araha. Buhu 100 na Badagishiri su tafi Tawa a kan 300, kuɗinsu 30,000, wato jika talatin. Mai sayen Tawa ya samu nasa. Saura buhu 60 na Ƙonni, kuma albasar da ta rage tana Tamaske. Idan aka aika ta kai tsaye a kan 1000, an ƙara jika sittin, jimla jika 90. A nan mutane da yawa suke rufe littafi, suna ganin ai sun bi araha daki-daki. Amma araha ba ta ado: ita wannan hanyar ta 300 ce ta cinye albasar da ta fi kusa da Ƙonni.

Ga dabarar. Duk lokacin da kuka rubuta kaya a kan wata hanya, ku ja wata kibiya a gefenta mai komawa baya. Farashinta daidai yake da na hanyar, amma da alamar ragi, kuma abin da take iya ɗauka shi ne yawan buhunan da kuka riga kuka rubuta a can. Saboda haka yanzu muna da kibiya daga Tawa zuwa Badagishiri, farashinta −300, tana ɗaukar buhu 100. Babu motar da za ta dawo da albasa daga Tawa. Ma'anar kibiyar ita ce, idan muka fasa aika buhu ɗaya ta wannan hanya, sefa 300 za su dawo aljihun ƙungiya.

Yanzu ku sa yatsa a Tamaske ku nemi hanya mafi araha zuwa Ƙonni, ku haɗa har da sabuwar kibiyar. Tamaske zuwa Tawa, 400. Tawa zuwa Badagishiri ta kibiyar baya, a cire 300. Badagishiri zuwa Ƙonni, a ƙara 500.

400 − 300 + 500 = 600

Ɗari shida ta fi dubu sauƙi. A zahiri abin da zai faru shi ne, buhun Tamaske ya je Tawa ya maye gurbin buhun Badagishiri, shi kuma na Badagishiri ya nufi Ƙonni. Mai sayen Tawa bai rasa komai ba, buhunsa 100 suna nan.

Buhu nawa za su bi wannan hanya? Sai a duba inda ta fi ƙunci. Tamaske na da 80, kibiyar baya na ɗaukar 100, Ƙonni na jiran 60, amma motar Badagishiri 40 kawai take ɗauka. Mafi ƙanƙanta shi ke hukunci, saboda haka 40 ne, kuɗinsu 40 × 600 = 24,000. Bayan haka ku gyara zanen. Ku soke kibiyar Badagishiri zuwa Ƙonni domin ta cika, ku ja ta bayanta mai −500, ku ja ta Tawa zuwa Tamaske mai −400, kowace tana ɗaukar 40. Ta Tawa zuwa Badagishiri kuma ta ragu zuwa 60. Wanda ya manta wannan gyaran zai loda wa mota abin da ya fi ƙarfinta, ko ya fasa kayan da bai taɓa rubutawa ba.

Saura buhu 20. Hanya ɗaya ta rage, Tamaske zuwa Ƙonni a kan 1000, kuɗinta 20,000. Jimla: 30,000 + 24,000 + 20,000 = 74,000. Ku tabbatar da shi ta wani gefen. Badagishiri zuwa Tawa buhu 60, jika 18. Badagishiri zuwa Ƙonni buhu 40, jika 20. Tamaske zuwa Tawa buhu 40, jika 16. Tamaske zuwa Ƙonni buhu 20, jika 20. Jika 74 ne cif, an rage jika 16 daga lissafin farko. Idan jimlar biyu ba su zo daidai ba, galibi an manta alamar ragi a wani wuri.

To, in wani ya kawo muku tsarinsa a shirye, yaya za ku gane ko da sauran ragi? Ku ja kibiyoyin baya, ku nemi zagaye wanda zai fita daga gari ya dawo garin, ku haɗa farashinsa. A tsarin jika 90, daga Tamaske zuwa Tawa, Badagishiri, Ƙonni, a dawo Tamaske: 400 − 300 + 500 − 1000 = −400. Jimla ta faɗi ƙasa da sifiri, wato kowane buhu da aka juya ta wannan zagayen yana rage sefa 400. Idan babu irin wannan zagaye ko ɗaya, tsarin ya kai ƙarshen araha, muddin ba a sauya yawan buhunan da ke fita daga kowane wurin ajiya ba. Wannan hanyar gyara, Morton Klein ne ya wallafa ta a 1967. Masu aiki da kwamfuta su lura: tsarin Dijkstra na neman gajeriyar hanya, yadda yake, yana iya kuskure in akwai farashi mai alamar ragi, shi ya sa ake amfani da na Bellman-Ford.

Dabarar tana da iyaka. Tana aiki ne in ana biyan kuɗi a kan kowane buhu. Idan direba ya ce shatar mota za a yi, a biya kuɗi ɗaya ko ta cika ko ba ta cika ba, fasa buhu ɗaya ba ya dawo da ko dala, kibiyar ragi ta zama ƙarya. Haka kuma in albasar wuraren biyu ba iri ɗaya ba ce, mai sayen Tawa yana iya cewa shi ta Badagishiri ya taya, musanya ba ta yiwu ba.

Aikin gida

1. Idan motar Badagishiri zuwa Ƙonni ta samu wurin buhu 60, nawa ne jimlar kuɗin? (Amsa: jika 66.)
2. Direban wannan motar ya ƙara farashi. Sai ya kai nawa a buhu kafin musanyar ta daina rage komai? (Amsa: sefa 900, domin 400 − 300 + 900 = 1000.)