Kurakuran da ke sa a dawo maka da takardar kwaskwarimar kasafin kuɗi

Idan wata shida ta wuce, ma'aji ko akanta yakan kai wa kwamitin amintattu takardar da ke cewa ga kasafin da aka amince da shi, ga inda ya kuskure, ga abin da ake roƙo a gyara. Na sha zama inda ake duba irin wannan takarda, kuma kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne ninka lissafin rabin shekara biyu a kira shi sabon hasashe.

Mu ɗauki misalin wata ƙaramar ƙungiya a Kano a 2023. Ta ware lita 500 na fetur kowane wata a kan naira 200, wato 100,000 a wata, 1,200,000 a shekara. Daga Janairu zuwa Mayu an kashe 500,000 daidai. Ran 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, farashi ya haura 500. A ce a Yuni an sayi litar a 540, kuɗin watan ya zama 270,000, jimlar wata shida 770,000. Mai gaggawa zai ninka ya rubuta 1,540,000. Amma biyar daga cikin watannin nan da tsohon farashi aka yi su, kuma wannan farashin ya tafi. Abin da ya dace shi ne a ɗauki abin da aka riga aka kashe, a ɗora masa kuɗin sauran watanni a farashin ranar da ake rubutu. A Yuli lita ta haura 600, mu sa 620. Lita 500 a kan 620 sau wata shida ya ba da 1,860,000, a haɗa da 770,000, shekara ta tashi a 2,630,000. Tsakanin lissafin biyu akwai fiye da miliyan ɗaya. Wanda ya ninka, kafin Satumba ta fita kuɗin mansa ya ƙare.

Alamar gane wannan kuskure ba wuya: duk layin da sabon hasashensa ya zo daidai da ninkin rabin shekara, a tambaye shi. Albashi zai iya zuwa haka. Kuɗin haya da ake biya sau ɗaya a shekara ba zai zo haka ba.

Sai dalili. "Saboda tsadar rayuwa" ba ya gamsar da kwamiti, domin bai nuna ko farashi ne ya tashi ko amfani ne ya ƙaru ba, kuma maganinsu daban ne. Farashin mai ba a hannunka yake ba, yawan lita kuwa a hannunka yake. Ka rubuta a fili: yawan lita yana nan 500, farashi ya tashi daga 200 zuwa 620. Sannan ka nuna naka ƙoƙarin. Idan aka haɗa tafiye-tafiyen ƙauyuka aka sauko zuwa lita 400, sauran watanni za su ci 1,488,000, shekara 2,258,000, ƙarin da ake nema 1,058,000.

Wasu kuma suna goge tsohon adadi su ɗora sabo a wurinsa. Kada ka yi haka. Teburin ya zama da gida huɗu: wanda aka amince da shi tun farko, abin da aka kashe, sabon hasashe, da bambanci. Kayan da aka karɓa ba a biya ba tukuna, kamar bashin gidan mai, su ma su shiga abin da aka kashe, ko da ba su fito a takardar banki ba.

Roƙon amincewa shi ne inda takardu da yawa ke yin sanyi. "Muna fatan za a duba" ba abin da sakatare zai iya rubutawa a matsayin matsaya. Ka faɗi adadi, da inda kuɗin zai fito, da ranar da kake buƙatar amsa: a amince a ɗaga kasafin mai daga 1,200,000 zuwa 2,258,000, a ɗebo 600,000 daga taron bitar da aka ɗage zuwa baɗi, 458,000 daga kuɗin ko-ta-kwana, kafin 31 ga Yuli. Ka tabbata abin da aka ɗebo ya yi daidai da abin da aka ƙara, ka kuma faɗi nawa ya rage a kuɗin ko-ta-kwana. In kuɗin bitar na masu ba da tallafi ne da suka ƙayyade masa aiki, kwamitinka ba shi da ikon karkatar da shi, sai ka rubuta musu sun yarda a rubuce. Ka haɗa wannan wasiƙa da takardar, ka bar gurbin sa hannu da kwanan wata a ƙasa, kuma kada ka taɓa ƙarin kuɗin sai an sa hannun.