Nauyi ya yi daidai, amma jirgin bai cancanci tashi ba: kurakuran karanta lissafin lodi

Kuskuren da ya fi yawa wajen ɗaliban tuƙin jirgin sama shi ne su tara nauyi, su ga bai wuce iyaka ba, su rufe takarda. Alhali takardar tambaya biyu take amsawa: nawa aka ɗora, kuma a ina aka ɗora shi.

Mu ɗauki Cessna 172S mai kujera huɗu da zai tashi daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua na Katsina. Iyakar nauyin tashinsa laba 2,550 ne. Ana auna nisan kowane abu da inci daga bangon da ya raba inji da mazaunin matuƙi: kujerun gaba 37, tankin mai 48, kujerun baya 73, ma'ajiyar kaya ta farko 95. Nauyi sau nisa shi ne rinjayen abin, wato layin da ake rubuta MOMENT a kansa. A misalinmu matuƙi na gaba shi kaɗai, alhazai biyu masu jiki sun zauna a baya, an cika ma'ajiya, an zuba mai galan 30.

```
Jirgi   1700 x 41 = 69700
Matuƙi   150 x 37 =  5550
Baya     400 x 73 = 29200
Kaya     120 x 95 = 11400
Mai      180 x 48 =  8640
Jimla   2550       124490
CG = 124490 / 2550 = 48.8
```

Nauyi ya tsaya cif a kan iyaka. Amma cibiyar nauyi, wato CG, wurin da nauyin jirgin duka yake daidaita a kai, ta faɗa inci 48.8, iyakar da aka yarda ta kai ta baya kuwa 47.3 ce. Wannan jirgi bai kamata ya tashi ba.

Wani zai ce inci ɗaya da rabi har wani abu ne? Abu ne babba. An ƙera jirgin yadda hanci ke ɗan rinjaya ƙasa, jela kuma tana danne bayansa don ta riƙe shi. In iska ta ɗaga hanci, gudu zai ragu, ƙarfin jela ya ragu, sai hancin ya sauko da kansa. Duk lokacin da cibiya ta ja baya, wannan komawar tana raunana, kamar amalanken da aka jibga wa buhuna a bayan taya. Matuƙi zai ji sitiyari ya yi sakayau, ɗan ja kaɗan hanci ya miƙe sama, jirgin ya nemi barin ƙasa tun gudunsa bai kai ba. Mafi muni, in fikafikai suka daina ɗaukar jirgin saboda hanci ya ɗagu da yawa, maganin shi ne a sunkuyar da hancin, kuma a nan ne jela za ta iya kasawa ko an tura sitiyari har ƙarshe.

Kuskure na biyu yana zuwa wajen gyara. Da an ga matsala sai a ce a rage mai. Cire galan 10, wato laba 60: rinjaye ya koma 121,610, nauyi 2,490, amsa har yanzu 48.8. An yi asarar mai a banza, domin tankin yana zaune kusan a kan cibiyar. Abin da ke nesa da ita shi ke motsa ta. Matuƙi ya ce, "Alhaji, don Allah a dawo nan gaba kusa da ni." Laba 200 sun matso inci 36, rinjayen farko na 124,490 ya ragu da 7,200 ya koma 117,290, cibiya ta dawo 46.0. Ba a sauke ko jaka ɗaya ba.

Kada kuma a ɗauka turo komai gaba shi ne tsira. Iyakar gaba ba lamba ɗaya ba ce: 35.0 ce in nauyi bai wuce laba 1,950 ba, tana matsowa har 41.0 a cikakken lodi. Wanda ya haddace 35 kawai zai iya sa hannu kan jirgin da hancinsa ya yi nauyi, wanda wajen sauka jela ba za ta iya ɗaga shi ba, tayar gaba ta fara dukan ƙasa. Don haka a sa ɗigon cibiya a kan zanen iyakoki da ke cikin littafin jirgin, a daidai nauyin ranar, sannan a sake lissafi da man da zai rage lokacin sauka.

Akwai kuskuren da ke ɓata komai tun daga layin farko. Mu da kilo muke awo, littafin jirgin da laba yake magana. Mutum mai kilo 90 laba 198 ne, wanda ya rubuta 90 a gurbin laba ya ɓoye fiye da rabinsa. Kuma kunya kan hana matashin matuƙi tambayar dattijo nauyinsa, sai ya yi kirdado. Ni dai ban yarda da wannan kunyar ba, a kawo sikeli kowa ya hau. Nauyin jirgi ba kowa ciki shi ma kada a kwafo shi daga misalin littafi. Kowane jirgi yana da takardar awonsa, ana sabunta ta in an ƙara ko an cire na'ura, kuma daga ta ƙarshe ake ɗaukar lambar, bayan an duba cewa lambar rajistar da ke kanta ita ce a jikin jirgin.