Darasi na 7: Alat ba kuɗi ba ne

Wayarka ta yi ƙara, saƙo ya shigo da sunan banki, mai saye yana tsaye yana cewa "Na tura." Dakata tukuna. Saƙon nan rubutu ne kawai. Ɗan damfara yana iya turo irinsa da sunan bankinka a sama, wani lokaci har ya shige cikin jerin saƙonnin banki na gaskiya. Hoton rasit da zai nuna maka a wayarsa ma ana iya haɗa shi.

Aiki na farko: san kuɗinka

Kafin ka fara ciniki, duba abin da ke asusunka ka rubuta a littafi. A ce 12,000 ne. Ka sayar da kayan 5,000, to dole ka ga 17,000. In har yanzu 12,000 kake gani, ko sisi bai shigo ba. In wani ciniki ya shiga tsakani, ka ƙara shi a littafin nan take, don kada lissafi ya rikice maka.

Aiki na biyu: tambayi banki da kanka

Nan ne yawancinku kuke tuntuɓe, kuma ba abin kunya ba ne. Kuna karanta ragowar kuɗin da ke ƙasan alat ɗin, ku ce kun duba. Ba ku duba ba. Wanda ya ƙirƙiri saƙon shi ya rubuta wannan adadin ma.

Fita daga saƙon gaba ɗaya. Danna lambar bankinka, wadda take farawa da * ta ƙare da #, ko ka buɗe manhajar bankin. Kare wayar da tafin hannu, sa lambar sirrinka, nemi inda aka rubuta Available Balance, wato kuɗin da za ka iya taɓawa yanzu. Gwada shi da na littafinka.

A sake: a ina za a duba? A wayarka, ba a tasa ba. Da lambar da banki ya ba ka, ba wadda mai saye ya karanto maka ba. A cikin saƙon alat? A'a! Na sha faɗa, amma har gobe wasu suna ganin kalmar Credit sai hannu ya tafi wajen ɗaure kaya. Haba jama'a, minti ɗaya ne fa. Ku maimaita sau uku yanzu, kowa da wayarsa.

Aiki na uku: in ya ce sabis ne

Kuɗi kan makale da gaske, amma kaya su zauna wurinka har su shigo. Ka ce, "Yi haƙuri Malam, da sun shigo zan kira ka." Mai azalzala, ko mai cewa "Kawo wayar in duba maka," a yi hattara da shi.

Aiki na huɗu

Kada ka taɓa shuɗin rubutun da ke cikin saƙo. Lambar sirri kuwa ba a faɗa wa kowa, ko ma'aikacin banki.