Darasi na 7: Ajiyar Garin Kwaki da Alabo a Ɗaki Mai Laima

Ku karanta a hankali, layi bayan layi. Wanda ya tsaya a wata kalma, ya sa yatsa a kanta ya tambayi na kusa da shi. Ba abin kunya ba ne.

Garin kwaki da alabo duk daga rogo suke, kuma dukansu suna shan danshin iska. Da damina, musamman a watan Agusta, ɗaki yakan yi laima ko da ruwa bai zubo ta rufi ba. Ƙasan siminti yana tsatso da laima, bango ma haka. Buhun da aka jingina da su zai jiƙa daga gindi, samansa kuwa a bushe, mai shi bai sani ba.

Kashi na ɗaya: gwajin hannu

Nan ne yawancinku kuke tuntuɓe, don haka za mu daɗe a nan.

A ce kin sayo kwano goma na garin kwaki. Kafin ki juye shi a bokiti, wanke hannu ki goge shi ya bushe sarai. Tura hannun har gindin buhu, ba sama ba. Ɗebo cikin tafi, ki dunƙule da ƙarfi, sannan ki buɗe hannun.

Idan garin ya wargaje ya zube kamar yashi, ya bushe. Idan ya tsaya a dunƙule, har shatin yatsunki ya fito a jikinsa, yana da danshi. Kada a rufe shi.

Mu sake. Hannu busasshe, gindin buhu, dunƙule, buɗe. Ya wargaje, a rufe. Ya dunƙule, a shanya. Ku faɗe shi da baki kafin ku wuce. Madalla.

Me ya sa nake ta nanatawa? Domin murfi ba ya busar da gari. Murfi yana hana danshin waje shiga, amma na ciki ma ba ya barin shi ya fita. Wanda ya rufe gari mai danshi, da hannunsa ya shirya wa funfuna wurin zama.

Shanya ke nan: a shimfiɗa tabarma mai tsabta ko babban tire a rana, a baza garin, kaurinsa kada ya wuce gaɓar yatsa ɗaya, a riƙa juya shi. Idan hadari ya hana rana fitowa, a zuba garin kwaki a busasshen kasko bisa wuta kaɗan, ana juyawa har ya yi ƙaras-ƙaras a haƙori. Alabo shi sai dai rana.

Bayan shanya, a kai shi inuwa ya huce. Gari mai zafi idan aka rufe shi yakan yi gumi a ƙarƙashin murfi, gumin ya ɗiga ciki. Ya huce? To, a sake gwajin hannu. E, a sake. Na sha ganin waɗanda suke cewa ai sun shanya, gwajin na mene ne. Wannan ganganci ne, ba da wasa kuka samo kuɗin garin nan ba. Dunƙule, buɗe, duba. Sai ya wargaje za a rufe.

Kashi na biyu: mazubi da wuri

Bokitin roba mai murfin da ke kamawa sosai ya fi buhu. In buhun ne kawai ake da shi, a sa leda mai kauri a ciki, a matse iska, a ɗaure bakin. A ɗora a kan katako ko benci, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango. Kada a ajiye kusa da randa. Kada a zuba sabon gari a kan ragowar tsoho. Kofin ɗiba ya zama busasshe.

Kashi na uku: alamun ɓaci

A buɗe a duba kowane mako, a shaƙa. Garin kwaki dama yana da ɗan tsami, wannan ba laifi ba ne. Amma idan ya yi wari irin na jiƙaƙƙen tsumma da ya kwana a ƙuƙƙulle, ko ya yi curi-curi mai tabon kore, baƙi ko toka-toka, funfuna ce. Zubar da shi ake yi. Kwashe saman ba ya wadatarwa, kuma wasu irin funfuna suna barin guba da tafasa ba ta kashewa. Kada a ba kaji ko awaki.

Ƙwari kuwa da sauƙi. Za a ga ƙananan jajayen ƙwari suna yawo, ko fararen tsutsotsi, ko zare kamar saƙar gizo. In ba su yi yawa ba kuma babu wari, a tankaɗe da rariya, a shanya, a wanke bokitin ya bushe. Kada a kuskura a zuba fiya-fiya a abinci.

Aikin gida

Ku yi gwajin hannu a garin gidanku. Ku rubuta ɗaya: "ya wargaje" ko "ya dunƙule".