Sanarwa: ku adana abubuwanku kafin su ɓace

Assalamu alaikum 'yan uwa na gurup ɗin 'yan kasuwar Wuse, barkanmu da warhaka. Don Allah kowa ya karanta, mun kunna Disappearing messages a gurup ɗin nan saboda ƙorafin da ake ta yi wayoyi sun cika. WhatsApp zaɓi uku yake bayarwa, awa 24, kwana 7 ko kwana 90, mu kwana 90 muka ɗauka. To duk saƙon da aka turo daga yau in ya cika kwana 90 zai ɓace, na baya kuma suna nan, wannan tsarin ba zai taɓa su ba.

Abin da ya fi damuna rasit ne wallahi. Misali Hajiya ta tura kuɗin adashi ta sa hoton rasit a nan, bayan wata huɗu a zo ana musu, a duba babu. Kuma a irin wannan gurup hoto baya shiga galari da kanshi, sai kin buɗe shi kin danna Save, shi ma PDF ki tura wa kanki ta imel ko ki sa a Google Drive. In rubutu ne danna shi ka riƙe sai ka zaɓi Keep, amma fa wanda ya turo zai iya cirewa, don haka ka ɗau sikirinshot ma.

Sa tauraro baya hana saƙo ɓacewa, kar ku yarda da shi. In kin gama ki leƙa galari ki tabbatar hoton yana ciki, wanda ya kasa ya same ni bayan la'asar in nuna masa.